Mun Fara Kama Kanmu Kafin Malamai Su Kama Mu

Idan kun kai ajin ƙarshe a jami'a, akwai ranar da za ku tsaya gaban malamai ku kare kundin bincikenku. Sun karanta aikin, kuma inda ya fi rauni nan za su dosa. Mu uku ne muka yi namu binciken a kan marinar Ƙofar Mata, kusa da Asibitin Murtala a Kano, inda ake rina tufa da baba da toka a cikin rijiyoyi. Saura mako biyu mu shiga, sai muka zauna da jan biro, muka bi kundin kamar ba mu muka rubuta shi ba. Duk inda muka yi wata babbar magana, sai mu tambayi kanmu: wa ya faɗa mana wannan, kuma wa ya kamata mu tambaya ba mu tambaya ba?

Tun a shafin farko muka yi tuntuɓe. Mun rubuta cewa an kafa marinar a shekarar 1498. Haka marina suke faɗa, haka jaridu suke maimaitawa, kuma shekarar ta faɗa cikin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. To amma idan malami ya ce, "Ina hujjarku?" me za mu nuna? Rubutu mafi tsufa da muka karanta shi ne na Bature Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 ya bayyana yadda rinannen tufafin Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Wannan ya tabbatar da ƙarfin sana'ar a zamaninsa, amma tsakaninsa da 1498 akwai fiye da shekara 350. Sai muka gyara jimlar ta koma "bisa tarihin baka na marina", muka shirya amsa: shekarar daga baka muka same ta, kuma sakamakon bincikenmu bai dogara a kanta ba.

Rauni na biyu ya fi zafi, domin a tsakiyar aikin yake. Mun yi hira da marina 12, yawancinsu suka ce atamfa mai araha ta waje ce ta rage musu kasuwa, mu kuma muka rubuta cewa dalilin da ya sa mutane ke barin sana'ar ke nan. Ku lura da kyau: duk mutum 12 ɗin nan suna bakin rijiya har yanzu. Wanda ya bar rini ya koma tuƙa Adaidaita Sahu ko ya buɗe shago, shi ya san abin da ya kore shi, kuma ko ɗaya ba mu nema ba. Haka matan da ke ƙulle zanen a gida kafin a kawo shi rini, ba mu ji ta bakinsu ba. Muka rubuta tambayar yadda malami zai jefo ta: "Ta yaya waɗanda suka zauna za su faɗi dalilin waɗanda suka tafi?" Amsar da muka shirya kashi uku ce. Mu amsa cewa gaskiya ne. Mu faɗi dalili, wato a marina kawai muka tattara bayanai. Sannan mu nuna abin da ya rage a tsaye: aikinmu ya bayyana ra'ayin marinan da ke aiki yanzu, iyakarsa ke nan. Kan babin ma sai da muka sauya shi.

Na uku shi ne ƙirga. Rana ɗaya muka zaga, duk rijiyar da ba mu ga mutum a kanta ba muka sa ta cikin waɗanda aka daina amfani da su. Alhali idan aka haɗa baba, sai an bar shi kwanaki ya nuna kafin a fara tsoma zane, don haka rijiya na iya zama shiru tana kan aiki. Wannan kam yana gyaruwa. Muka koma, wani dattijo ya bi da mu rijiya rijiya, muka sake lissafin.

Kowane rauni muka ba shi kati guda: tambaya a gaba, amsa a baya, kada ta wuce jimla uku. Kullum da yamma ɗayanmu ya zama malami, ya ɗaure fuska, ya yi ta cewa "To sai me?" har sai amsar ta daina rawa. Doka ɗaya muka kafa: abin da za a iya gyarawa a gyara shi kafin ranar, wanda ba zai gyaru ba mu faɗe shi da bakinmu, kada a ƙirƙiro masa hujja.

Ba sai kun shiga jami'a za ku gwada ba. A muhawara ta gaba ko aikin da malami ya ba ku, ku ja layi a ƙarƙashin jimlar da kuka fi alfahari da ita, ku miƙa wa abokin zamanku ya tambaye ku inda kuka samo ta.