Kuɗi sun fita, alat bai shiga ba: yadda muka bi sawun naira 20,000

Ranar Talata 14 ga Janairu 2025, mu huɗu da ke ɗaki ɗaya a jami'a muka haɗa naira 20,000 domin ƙanen ɗayanmu, ɗan aji shida na sakandare. Makarantarsu za ta rufe karɓar kuɗin rajistar jarabawa ranar Juma'a, kuma nasa bai cika ba. Daga manhajar kuɗi ta waya muka tura zuwa asusun bankin mahaifiyarsa. Nan take aka cire kuɗin, allon waya ya nuna Successful. Bayan awa biyu Umma ta kira: "Yarana, ni fa ban ga komai ba."

Abin da ya fara zo mana shi ne mu ranto wasu mu sake turawa. Allah Ya sa ba mu samu mai ba mu rance ba. Da mun yi hakan, da na farkon sun iso daga baya, mun tura 40,000 ke nan, ga bashi a wuya.

Kafin mu ba ku labarin yadda ta ƙare, ya kamata ku san hanyar da kuɗin ke bi. Idan ka tura daga wani kamfani zuwa wani banki daban a Najeriya, yawanci saƙon yana ratsa hannu uku. Kamfaninka ya cire kuɗin daga asusunka, ya aika umarni ta hanyar NIBSS, cibiyar da Babban Bankin Najeriya da bankunan ƙasar suka mallaka domin haɗa su wuri guda, sannan bankin mai karɓa ya zuba a asusunsa. Ana kiran wannan tsari NIP, kuma idan komai lafiya, cikin daƙiƙoƙi ake gamawa. To amma saƙon na iya maƙalewa a kowace gaɓa. Duk aikin bin sawu shi ne gano gaɓar da ya tsaya, domin wanda kuɗin ke hannunsa shi kaɗai zai iya sakin su.

Mun fara da mai sauƙin. Rashin alat ba ya nufin rashin kuɗi, domin saƙon tes ta layin waya yake zuwa, kuma yakan makara ko ya ɓata gaba ɗaya. Sai muka roƙi Umma ta duba abin da ke cikin asusunta kai tsaye. Ta duba, bai ƙaru ba. Muka koma kan rasit muka karanta lambar asusu mai lambobi goma ɗaya bayan ɗaya, da sunan banki, da sunan da ya fito. Duk daidai ne. Wannan dubawa tana da muhimmanci, don idan kai ka yi kuskuren lamba, kuɗin ba su ɓata ba, suna asusun wani ne, kuma dawo da su doguwar magana ce ta daban.

A kan rasit ɗin nan akwai lambobi iri biyu, kuma nan muka yi tuntuɓe. Akwai wadda kamfanin ya ba cinikin domin littafinsa na cikin gida, galibi a gaban Transaction ID ko Reference. Akwai kuma Session ID, doguwa mai lambobi 30. Mu ta farkon muka karanta wa Umma, ta hau Keke Napep ta je banki da safiyar Laraba, ma'aikaciyar ta ce ba su san wannan lamba ba. Gaskiyarta ce kuwa. Session ID ce kaɗai dukkan hannayen uku suke gani iri ɗaya.

Lambar ma tana da fasali. Shidan farko suna nuna kamfanin da ya tura. Sha biyun da ke biye shekara ce, wata, rana, awa, minti da daƙiƙa. Sauran sha biyun su ke bambanta cinikinka da na kowa. A tamu, tsakiyar ta nuna 250114163005, wato 14 ga Janairu 2025, ƙarfe 4:30 na yamma da daƙiƙa biyar. Da haka muka tabbatar rasit ɗin da ke hannunmu na wannan taransifa ne, ba na wata da muka yi a baya ba. Idan kuwa mai turawa da mai karɓa kamfani ɗaya suke amfani da shi, kuɗin ba sa bi ta NIBSS, sai ka nemi bayani a wurin kamfanin da lambarsu ta cikin gida.

Daga nan muka shigar da ƙorafi ta cikin manhajar kanta, muka sa Session ID, adadin kuɗi da lokaci, muka yi tambaya ɗaya: saƙon nan ya isa bankin mai karɓa ko bai isa ba? Amsar ita ce ke raba gardama. Idan bai isa ba, ko bankin can ya ƙi karɓa, kuɗin suna wajen kamfaninka, kuma shi zai maido maka, ka ga Reversed a tarihin asusunka. Ɗaya daga dalilan ƙin karɓa da ke yawan samun ɗalibai shi ne ƙaramin asusu na matakin farko, wanda ba ya riƙe fiye da naira 300,000 gaba ɗaya. Idan kuwa ya isa, magana ta koma wajen bankin mai karɓa, kuma mai asusun ne zai je da kansa, domin ba za su faɗa maka sirrin asusun wani ba.

Tamu amsar ta zo da yammacin Laraba: bankin Umma ya karɓi saƙon tun ranar Talata. Ranar Alhamis ta koma, wannan karon da lambobi 30 rubuce a takarda. Aka bincika, aka ga kuɗin sun shigo bankin amma ba a zuba su a asusunta ba, saboda tangarɗar na'ura a wannan yammacin. Ta cike takardar ƙorafi, kafin la'asar alat ya shigo. Yaron ya biya da safiyar Juma'a. Ruɗa lambobi biyun nan kaɗai ya ci mana yini guda da kuɗin motar Umma.

Da ba a warware ba, akwai sauran mataki. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2018 ta tanadi tarar naira 10,000 a kan taransifar NIP da ta gaza amma ba a mayar ba cikin awa 24, idan mai kuɗi ya yi ƙorafi. Ku lura, bisa ƙorafi ake cin tarar, shi ya sa zaman jira shiru ba ya amfani, kuma shi ya sa za ka nemi lambar ƙorafinka ka adana. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana iya rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki ta cpd@cbn.gov.ng, ka haɗa da rasit da waccan lamba.

Wani abu kuma ya faru a daren Talatar. Ɗayanmu ya yi ƙorafi a fili a dandalin sada zumunta, cikin minti kaɗan wani mai hoton tambarin kamfanin ya turo saƙo cewa zai maido da kuɗin, amma a ba shi lambar OTP da za ta shigo. Ɗan damfara ne. Mai bin sawun kuɗi na gaskiya Session ID yake tambaya, da adadi da rana, ba ya buƙatar PIN ɗinka ko OTP. Abokin namu har ya fara karanto lambar, sai na kusa da shi ya fizge wayar.