Ilimi kyauta a Kano: da wa za mu gwada ta?

Jiya a majalisarmu nan Tsanyawa aka yi ta musu kan ilimi kyauta kuma dole da gwamnatin Kano ta ƙaddamar a 2019. Wani ya ce ya ƙara yara a makaranta, wani ya ce ko ba shi ma da sun ƙaru. Na biyun nan, ko bai sani ba, ya taɓo ainihin matsalar: Kanon da ba a yi dokar ba, babu ita, balle mu gwada.

Masana tattalin arziki suna da dabarar da suke kira sintetik kwantirol. Tunda babu jihar da ta yi kama da taka sak, sai ka ɗebo kaso daga wannan, kaso daga waccan, ka haɗa jihar kwaikwayo. Kason duka ya tashi ɗari bisa ɗari, kuma kwamfuta ce ke zaɓo haɗin da ya fi bin sawun jiharka kafin dokar.

Ga yadda Alberto Abadie da abokan aikinsa suka yi. A 1988 jihar California ta Amurka ta amince da ƙarin haraji kan sigari. Suka ɗauki jihohi 38, suka duba cinikin sigari tun daga 1970. Biyar kawai suka shiga haɗin: Utah kusan kashi 33, Nevada 23, Montana 20, Colorado 16, Connecticut 7. Kafin dokar, layin California da na kwaikwayonta kamar an manna su. Bayan dokar suka rabu, zuwa 2000 tazarar ta kai wajen kwali 26 kan kowane mutum a shekara. Suka kuma maimaita lissafin kan sauran jihohin ɗaya bayan ɗaya, kamar su ne suka yi dokar, don a ga ko irin wannan tazara tana fitowa haka kawai. Ta California ta fita daban.

To mu dawo gida. Kowa zai ce a sa Katsina, ga ta nan dab da mu. Ni kam ina shakka. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 an rufe makarantu a can, don haka in alƙalumanta suka faɗi, sai Kano ta yi kyau a takarda ba don dokar ba. Sannan in yaran ƙauyukan kan iyaka suna tsallakowa karatu wajenmu, dokar ta riga ta taɓa ma'aunin kansa.

Saboda haka duk wanda ya kawo muku irin wannan hoton, ku fara kallon ɓangaren hagu, shekarun kafin 2019. In layukan biyu ba su tafi tare a can ba, tazarar da ke dama ba hujja ba ce. Sai mun haɗu a shiri na gaba.