Takardar Godiya Ga Jagoran Aikin Gayya: Me Ya Kamata Ta Ƙunsa?

A birnin Kano, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ranar tsaftar muhalli ce. Daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ake taƙaita zirga-zirga domin kowa ya share ƙofar gidansa. Tsarin ya samo asali ne daga Yaƙi da Rashin Ɗa'a da gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar a 1984. Amma duk wanda ya zauna a lungu ya san doka ba ta yashe kwata. Magudanar da ta toshe da leda da yashi tun bara, sai an sami mutum guda da ya ɗora wa kansa, ya bi gida-gida, kafin a ga shebur a cikinta. Idan an gama, mutanen unguwa kan so su gode masa. A nan ne akan yi kuskure, domin yawancin takardun yabon da ake karantawa, da za a goge sunan a sa na wani, babu abin da zai canza: "jajirtacce, haziƙi, mai kishin al'umma." Mutumin ya karɓa, a tafa, amma babu wanda ya ji abin da ya yi.

Wanda zai rubuta saƙon, ya fara sanin aikin. Ranar gayya kowa ya ga jagora da takalmin roba, sai dai wannan ita ce rana mafi sauƙi a wurinsa. Makonni kafin nan ya je wa mai unguwa, ya roƙi liman ya yi sanarwa bayan salla, ya bi masu shaguna karo-karo, ya aro shebur da manjagara da baro, wataƙila daga wani mai gini da ya ce a dawo masa da su kafin Litinin. Shi ne ya san cewa daga ƙasa ake fara yasa, wato daga inda ruwan ke fita, a yi ta hawa sama, don kada a saki ruwan baya ya cika wa masu aiki rami. Shi ne kuma ya kwana da tunanin dagwalon da aka tara a bakin kwata. Akan bar shi kwana ɗaya ko biyu ya tsane, amma idan mota ba ta zo ta kwashe ba, ruwan sama ɗaya ya isa ya mai da shi inda aka fito da shi. Zaryar neman motar hukumar kwashe shara ta REMASAB, ko cinikin tifa idan hakan bai samu ba, duk a wuyansa take. Waɗannan abubuwan da jama'a ba su gani ba su ne ya kamata saƙon ya fito da su fili.

Mu ɗauka unguwa ce mai magudana ɗaya da ta taso daga bakin masallaci zuwa babban titi, aka yashe ta a watan Mayu kafin damina ta kankama. Ga irin abin da za a rubuta:

"Malam Wane, a madadin mutanen unguwa muna yi maka godiya. Bara a watan Agusta ruwa ya shiga gidajen layin ƙasa, domin kwatar da ta taso daga masallaci ta toshe. Bana kai ka tara mu. Ka bi gidaje ka karɓi gudummawa, ka karanta mana lissafinta a bainar jama'a. Ka aro kayan aiki, ka mayar da su cif. Da motar kwasa ta yi jinkiri, ba ka zauna ba sai da aka ɗebe dagwalon duka. Muna gode wa matasan da suka shiga kwata, da iyayenmu mata da suka dama kunu, da masu shagunan da suka ba da safar hannu. Cikon kuɗin tifa da ka fitar daga aljihunka, unguwa ta biya, ga shi tare da wannan takarda. Mun kuma amince za a sake fitowa Asabar ɗin ƙarshen Yuli. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifa."

Babu kalmar "jajirtacce" ko ɗaya a ciki, amma wanda ya saurara ya san da wa ake magana, ya kuma koyi yadda ake shirya gayya.

Maganar kuɗin nan ita na fi so a tsaya a kai. Kusan duk wanda ya taɓa jagorantar irin wannan aiki ya san karo-karo ba ya kaiwa. Direban tifa ya ƙara sahu ɗaya, wani yaro ya taka kwalba aka kai shi kemis, baron aro ya karye a ƙafa. Jagora ya cika, ya yi shiru, saboda kunya da gudun a ce ya ci wani abu. Sai unguwa ta tara kuɗi ta buga masa allon yabo mai kyalli, alhali bashi na kansa. Kafin a rubuta komai, dattijo guda ya keɓe da shi ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, nawa ka cika?" A biya wannan tukuna. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma tukwicin da ya fi dacewa da mai aikin sa-kai shi ne kada ya fita da asara. Faɗin cewa ya karanta lissafi a fili ma kariya ce gare shi, domin bakin mutane ba ya barin wanda kuɗin jama'a ya bi ta hannunsa.

Ambaton sauran mutane kuwa ba kara kawai ba ne. Saurayin da ya wuni cikin baƙin ruwa har gwiwa, idan ya ji an yabi jagora shi kaɗai, gayya ta gaba ba zai fito ba, kuma jagoran ne zai sha kunyar kiran da ba a amsa ba. A ambace su rukuni-rukuni idan sunaye sun yi yawa, don mantuwar suna ɗaya kan jawo gaba. Waɗanda suka ƙi fitowa, ko gidan da kowa ya san shi ke zuba shara a kwata, kada a yi musu habaici a cikin takardar. Wannan zancen na zauren mai unguwa ne.

Sa hannu ya zama na mai unguwa ko dattawan da suka ga aikin da idonsu. Idan ɗan takara ya karɓe taron ya miƙa takardar a gaban masu ɗaukar hoto, washegari za a fara cewa jagoran yaron wane ne, rabin unguwa su janye. Lokaci kuma kada ya wuce mako biyu bayan an kwashe dagwalon, tun mutane na tuna wanda ya yi me.

A kuma tambayi mai abin yadda yake so. Akwai wanda don Allah ya yi, yana tsoron riya, karanta yabonsa a gaban jama'a nauyi ne a gare shi. Irin wannan sai dattawa biyu ko uku su same shi a gida bayan la'asar, su miƙa masa takardar hannu da hannu, su yi masa addu'a. A taron jama'a kuma a gode wa kowa, a karanta lissafi, a sanar da ranar fita ta gaba da sunan wanda zai riƙe shebur da baro kafin ranar.