An Hana Ka Biza? Karanta Takardar Kafin Ka Koma Wurin Ejan

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a shagunan masu cike fom, kuma ta hallaka mutane da yawa. Da an hana mutum bizar ziyara ta Birtaniya, sai ejan ya ce masa sa'a ce ba a taka ba, a nemo kuɗin aro a cika asusun banki, a sake fasfo in da hali, kuma a wurin da fom ya tambayi ko an taɓa hana shi biza a amsa da a'a. Takardar da ofishin bizar ya aiko kuwa tana nan a waya, ba wanda ya karanta ta har ƙarshe. Abin haushin shi ne wannan takarda ita kaɗai ce ke faɗa wa mutum inda ya yi tuntuɓe, kuma ya riga ya biya kuɗinta. A 2025 kuɗin neman bizar ziyara ta wata shida fam 127 ne, ba a kuma mayar wa kowa ko an hana shi.

Takardar ba ta da wuyar bi idan an san tsarinta. Tana farawa da sanar da cewa an ƙi, sannan jami'in ya jero abin da ya gani a takardun mai nema, daga ƙarshe ya ambaci sakin dokar da ya dogara da shi. Ga bizar ziyara, mafi yawan lokaci za a ga V 4.2 tare da wani harafi. Harafin (a) na nufin jami'in bai gamsu za ka bar Birtaniya in ziyararka ta ƙare ba, (c) na nufin bai gamsu dalilin da ka faɗa shi ne ainihin abin da zai kai ka ba, (e) kuma na nufin bai gamsu kana da kuɗin da zai ɗauki nauyin tafiyar ba. Waɗannan haruffa hukunci ne kawai. Hujjar tana cikin jimlolin da ke sama da su, inda aka ambaci adadin kuɗi da ranaku, kuma nan ne ya kamata mutum ya zauna da biro. Haka nan takardar kan faɗi cewa ba damar ɗaukaka ƙara, don haka ga yawancin mutane hanyar da ta rage ita ce sabuwar nema.

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari, yana son halartar bikin kammala karatun 'yarsa a Leeds na kwana goma. A fom ya rubuta cewa yana samun naira 600,000 a wata, kuma zai kashe naira miliyan 5 a tafiyar. Bayanin asusun da ya miƙa ya nuna wata biyar kuɗin ciki ba su wuce naira 400,000 ba, sai kwana tara kafin ya nema naira miliyan 7 suka faɗo a rana ɗaya. Takardar ƙin za ta ce abubuwa uku. Ba a ga inda miliyan bakwai ɗin suka fito ba, don haka ba a gamsu nasa ne ba. Kuɗin da ya ce zai kashe sun haura abin da yake samu a wata takwas. Sannan ya ce shi ɗan kasuwa ne, amma ba abin da ke nuna kasuwancin a asusun. Daga nan jami'in zai ce bai gamsu da halin da mutumin yake ciki a gida ba, saboda haka bai gamsu zai dawo ba. A lura da kyau, ba inda aka ce kuɗinsa sun yi kaɗan. Abin da aka ce shi ne labarin da ya bayar da takardun da ya kawo ba su tafi tare ba.

To ina hikimar ƙara wasu miliyoyin aro a kan na farko? Wanda aka ƙi saboda miliyan bakwai da ba a san asalinsu ba, in ya dawo da miliyan goma sha biyar, ya ƙara wa jami'in hujja ne kawai. Dokar bizar ziyara ba ta yanke wani adadi da dole a gani a asusu ba. Jami'in yana auna kuɗin tafiya da abin da mutum ke samu da nauyin da ke kansa, yana kuma duba yadda kuɗi ke shiga da fita a tsawon watanni. Asusun da albashin naira 350,000 ke shiga kowane ƙarshen wata, ana cire kuɗin cefane da na makaranta, ana ajiye ɗan abin da ya saura, ya fi asusun da ya kumbura dare ɗaya ƙarfi a idonsa. Masu aikin nan suna ganin bayanan banki ɗari-ɗari, kuma kuɗin da aka zuba don a nuna suna da kamanni ɗaya a ko'ina: adadi mai sifili da yawa, daga sunan da bai taɓa fitowa ba, ana gab da miƙa takardu.

Za a ce ai wane ya yi da kuɗin aro kuma ya samu. Yana yiwuwa, domin mutum ne ke duba takardun kuma wani abu kan wuce shi. Amma ejan ba ya ba da labarin waɗanda aka kama, kuma ba sunansa ne a fom ɗin ba. Shawarar sake fasfo ta fi wannan wauta. Tun neman farko an ɗauki hoton yatsun mutum da na fuskarsa, kuma da su ake gane shi ko ya zo da sabon littafi. Birtaniya na musayar irin wannan bayani da Amurka da Kanada da Ostireliya da New Zealand. Wanda ya ce ba a taɓa hana shi ba alhali an hana shi, ya fita daga sahun wanda ba a gamsu da takardunsa ba ya shiga sahun wanda ake tuhuma da yaudara, kuma in aka tabbatar, haramcin shekara 10 ne. Garin neman ƙiba an samo rama. Ƙin farko shi kaɗai ba ya hana a ba mutum biza a karo na biyu, ɓoye shi ne ke iya rufe ƙofar.

Saboda haka aikin farko shi ne a duba ko takardar ta ambaci "deception" ko "false representations", wato yaudara ko bayanin ƙarya. Lambobin sakin dokar da suka shafi wannan sun sha canzawa, don haka kalmomin za a nema. In suna nan, wannan ba matsalar da sabon fom zai warware ba ce, kuma mutum na bukatar lauyan da ya san dokar shige da fice ta Birtaniya kafin ya sake taɓa komai. In babu su, to an ƙi shi ne kan rashin gamsuwa, kuma ba wani wa'adi da doka ta ce sai ya jira. Abin da za a jira shi ne a samu amsar kowace jimla.

Mu koma ga ɗan kasuwarmu. Ya ɗauki takarda ya raba ta gida biyu, ya rubuta kowane ƙorafin jami'in a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma takardar da za ta amsa shi. In miliyan bakwai ɗin kuɗin filin da ya sayar ne, ya kawo yarjejeniyar cinikin da shaidar turo kuɗin da ke ɗauke da sunan mai saye, adadi da rana su dace da abin da ke asusun. In da Hausa aka rubuta yarjejeniyar, kamar yadda ake yi a unguwanni gaban mai unguwa da shaidu, sai an haɗa da fassarar Turanci mai ɗauke da sunan mai fassarar da sa hannunsa da rana da inda za a same shi, in ba haka ba kamar bai kawo ba ne. In ƙanensa ne ya ba shi don ya taimaka masa da tafiyar, ya faɗi haka a fili, ya sa shi a matsayin mai ɗaukar nauyi, da wasiƙarsa da bayanin asusunsa da abin da ke nuna dangantakarsu, domin doka ta yarda wani ya biya wa mutum. In kuwa aro ne na nunawa, ya mayar wa mai su, ya manta da su. Ƙorafin kasuwanci kuma takardar rajistar CAC da rasidin hayar shago da shaidar biyan haraji za su taimaka, amma abin da ya fi su nauyi shi ne asusun da cinikin ke shiga. 'Yan kasuwarmu da yawa suna juya miliyoyi da kuɗin hannu ko ta asusun yaron shago, sai su miƙa asusun da ba komai a ciki. Wanda haka ne halinsa ya fara zuba ciniki a asusunsa, ya bari wata shida su taru. Batun kuɗin tafiya kuwa, ya lissafa gaskiyar abin da tikiti da masauki da abinci za su ci, in a ɗakin 'yarsa ko gidan wani ɗan'uwa zai sauka ya faɗa, ya kawo wasiƙar gayyata daga jami'ar. Sannan ya rubuta gajeriyar wasiƙa ya ambaci ranar da aka ƙi shi, ya bi ƙorafe-ƙorafen ɗaya bayan ɗaya yana nuna takardar da ta amsa kowanne.

Akwai kuma dalilan da takarda ba ta gyara su. Saurayin da bai da aiki tsayayye, bai da iyali, yayyensa biyu na zaune a Manchester, in aka ce ba a ga abin da zai dawo da shi ba, ba wasiƙar da za ta canza wannan a mako uku. Sai halinsa ya canza da gaske, ya samu aiki ya daɗe a kai ko sana'arsa ta kafu. Sayo masa takardar aiki ta bogi shi ne hanya mafi sauri zuwa haramcin shekara goma, domin ana iya kiran kamfanin ko bankin a tambaya. Wanda ya taɓa wuce wa'adin bizarsa shi ma tarihinsa na nan, sai dai ya faɗe shi ya yi bayani.

Gaskiya ne jami'ai ma suna kuskure. Wani lokaci takardar kan ce ba a kawo abin da aka kawo ba, ko a karanta adadi ba daidai ba. Wannan ma sai wanda ya karanta takardar layi-layi yana gwada ta da kwafin abin da ya miƙa zai gano shi, ya nuna shi cikin ladabi a sabuwar nema. Nan ne wani sakacin ke fitowa fili, domin mutane da yawa ba su da kwafin fom ɗinsu, ba su ma san me ejan ya rubuta da sunansu ba. An sa musu albashin da ba sa samu, ko an rage yawan 'ya'yansu, sai a nema na biyu su faɗi gaskiya ta ci karo da ta farko. Duk wanda zai sake nema ya fara karɓo fom ɗin farko da adireshin imel ɗin da aka yi amfani da shi. In akwai kuskure a ciki ya gyara shi ya kuma faɗi cewa ya gyara. In ejan ya ƙi ba da su, ko ya ce ba sai an karanta takardar ƙin ba, to wannan ya isa dalilin da zai sa a karɓe fasfo daga hannunsa tun ranar.