Takardar da Masaniyar Abinci Ke Rubuta wa Likita Kafin a Ɗebi Jini

A asibitocinmu, idan aka ce mutum "ba shi da jini", abin da ke biyo baya sananne ne: a duba PCV, a rubuta maganin ƙarin jini, a ce ya yawaita cin zogale da hanta. Wani lokaci hakan ya wadatar. Amma akwai marasa lafiyar da za su shanye kwalba uku su dawo yadda suke, domin ba a tantance abin da jikinsu ya rasa ba. A nan ne masana abinci na asibiti ke shigowa da wata gajeriyar takarda da suke aika wa likita, suna neman a yi wasu gwaje-gwaje takamaimai.

Me ya sa ba za su tura mutum ɗakin gwaji da kansu ba? A asibitoci da dama likita ne ke sa hannu a fom ɗin gwaji, kuma shi ke da hurumin faɗin sunan cuta. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi. Ƙarancin sinadari a jiki ba kullum daga tukunya yake fitowa ba. Yana iya zama tsutsar ciki ce, ko gyambon ciki mai tsiyayar jini, ko wani magani da ake sha. Masaniyar abinci tana ganin alamar, amma bin sawun musabbabin aikin likita ne.

A ɗauki misali da wata mata mai shekara 46, mai ciwon suga, da aka turo don a tsara mata abinci. Cikin hira ta ce wata biyar ke nan tana fama da kasala, numfashinta na sarƙewa idan ta hau bene, tafin ƙafafunta kuma na yi mata kamar ana tsira allura. Da aka duba, cikin idonta ya yi fari, harshenta ya yi sumul, gefen bakinta ya tsage. Da aka bi abincinta, tuwo ne da miyar kuka, shinkafa da wake, nama sai jefi-jefi, ga shayi mai kauri bayan kusan kowane cin abinci. Da ƙyar ta amsa cewa tana ɗan cin farar ƙasa, ta kuma ambaci cewa al'adarta ta ƙaru sosai a shekarar nan. Shekara bakwai tana shan metformin, miligiram 1,000 safe da yamma, sannan wata maƙwabciya ta ba ta shawarar shan folic acid, ta kuwa ɗauka.

Takardar da za a rubuta a kanta bai kamata ta wuce shafi ɗaya ba, don likitan da layi ke jira a ƙofarsa ba zai karanta dogon labari ba. Bayan suna, shekaru da lambar kati, sai jimla guda mai faɗin dalilin rubutun: ana zargin ƙarancin sinadarin ƙarfe da na bitamin B12, ana neman a duba yiwuwar yin gwaji. Kalmar "zargi" ba ladabi kawai ba ce, iyakar abin da aka sani ke nan kafin sakamako ya fito.

Ƙwararriya takan ɗaure kowane gwaji da hujjarsa. Za ta nemi FBC, wato cikakken ƙidayar ƙwayoyin jini, saboda kasala da farin ido. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki tana da ƙarancin jini idan Hb ɗinta ya gaza giram 12 a kowace desilita. Za ta nemi ferritin, wanda ke nuna ƙarfen da jiki ya adana, saboda yawan jinin al'ada, cin farar ƙasa, da shayin da ke rage shigar ƙarfen abinci cikin jiki. Za ta nemi B12 saboda metformin, wanda an san yana rage tsotse wannan bitamin a hanji idan an daɗe ana shansa, da kuma tsirar allurar ƙafa.

Wannan batu na ƙafa ya cancanci layi na kansa a takardar. Mai ciwon suga da ya ce ƙafarsa na zugi ko mutuwa, nan take ake ɗora wa sugan laifi, kuma sau da yawa shi ne. Sai dai ƙarancin B12 ma yana lalata jijiyoyi haka nan, kuma idan aka bari ya daɗe, ba lallai jijiyar ta dawo daidai ba ko an yi magani.

Mai karatu zai iya cewa ai FBC kaɗai ya isa, tunda akwai MCV a cikinsa, adadin da ke nuna girman jajayen ƙwayoyin jini. A al'ada yana tsakanin 80 da 100. Ƙarancin ƙarfe yana ƙanƙantar da ƙwayoyin, ƙarancin B12 yana kumbura su. To amma idan mace tana da duka biyun, ɗaya ya ja ƙasa ɗaya ya ja sama, sai adadin ya zauna a tsakiya kamar lafiya lau. Ga kuma folic acid ɗin maƙwabciya, wanda ke iya gyara kamannin jinin mai ƙarancin B12 alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa. Shi ya sa ake rubuta duk abin da mara lafiya ke sha, har wanda ya saya a kemis ba da sanin kowa ba. Idan an taɓa ƙara masa jini kwanan nan ko an yi masa allurar bitamin, a faɗa da kwanan wata, domin duka suna jirkita sakamako.

Shi ma ferritin yana da nasa tarkon, wanda ya shafe mu sosai a ƙasar zazzaɓin cizon sauro. Yana hauhawa duk lokacin da jiki ke fama da zazzaɓi ko kumburi, ko da ma'ajiyar ƙarfen ta ƙare. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce ga babba mai lafiya, ƙasa da maikirogiram 15 a lita shi ne ƙaranci, amma ga mai kumburi ko cuta a jiki, ana iya ɗaukar ƙasa da 70. Saboda haka ake haɗa shi da CRP, gwajin da ke nuna ko akwai kumburi. Idan matar nan ta fito da ferritin 40 makonni kaɗan bayan zazzaɓi, CRP kuma ya hau, wannan 40 ɗin ba shaidar wadata ba ce. Takardar da ta ambaci zazzaɓin ta riga ta gargaɗi likita.

Kuskuren da sababbin ma'aikata suka fi yi shi ne jero duk gwajin da suka sani: zinc, bitamin D, magnesium, har da wanda sai an aika jini wani gari. Mara lafiyar da ke biya daga aljihunsa zai ga jimillar kuɗin ya naɗe takardar ya tafi gida. Gara a rubuta kaɗan, a kuma nuna wanda za a fara da shi idan kuɗi bai kai ba.

Akwai kuma wanda ba a fara ba shi maganin ƙarfe bisa zato: mai sikila, musamman wanda aka sha ƙara wa jini, domin ƙarfe na iya riga ya taru masa fiye da kima. Idan an san rukunin jinin mutum, AA ne ko AS ko SS, a sa a takardar.

A ƙarshen shafin masaniyar takan faɗi abin da ta riga ta yi: ta ce a nisanta shayi da abinci da kamar awa ɗaya ko biyu, a ƙara kifi, ƙwai da hanta gwargwadon hali, a kuma dakata da sayen sabon maganin ƙarin jini har a ɗebi jinin. Sai ta nemi a dawo mata da kwafin sakamako, ta sa ranar da za ta sake ganin matar, sunanta, muƙaminta da sa hannu. Idan ƙarancin ƙarfen ya tabbata, likita zai binciki yawan jinin al'adar, ya rubuta magani, a sake auna Hb bayan kamar mako huɗu, a kuma ci gaba da shan maganin wajen wata uku bayan jinin ya daidaita don ma'ajiyar ta cika.