Gargaɗi ga 'Yan Kasuwar Bauchi: Shago Mai Riba Ma Yana Mutuwa

Akwai wata cuta da ke cin shaguna a garin nan, kuma mun ƙi kiran sunanta. Daga Wunti zuwa Muda Lawal, daga Babbar Kasuwa zuwa tiredodin Yelwa da Fadaman Mada, labarin iri ɗaya ne. Mutum yana ciniki, jama'a na shiga suna fita, littafinsa na nuna riba. Rana tsaka dila ya bugo waya daga Kano, a buɗe durowa, babu abin biya.

Sai a ce sammu ne. Sai a ce yaron shago ne ya yi hannu. An ɓata sunan yara marasa laifi a kan wannan, an raba zumunci, an kai juna gaban hukuma. Alhali a lokuta da dama babu wanda ya ɗauki ko sisi. Mai shagon ne bai san cewa riba daban, kuɗi a hannu daban ba.

Ya zama wajibi mu faɗi wannan da babbar murya.

Riba lissafi ce: abin da ka sayar, a cire abin da ka sayi kayan, a cire ɗawainiyar shago. Ba ruwanta da ko an biya ka ko ba a biya ka ba. Ranar da ka miƙa buhun sukari bashi, a ranar littafi zai rubuta maka riba. Kuɗi a hannu kuwa shi ne abin da ya shigo durowa ko asusun banki, da abin da ya fita, da ranar da kowanne ya faru. Dila ba ya karɓar lissafi. Mai haya ba ya karɓa, direban da ya kawo kaya ma haka. Kuɗi suke so, kuma yau.

A ɗauki misalin shagon kayan masarufi a Muda Lawal, mai sari daga kasuwar Singa ta Kano. A wata guda ya sayar da kayan naira miliyan 5, waɗanda ya saro a kan miliyan 4 da dubu 400. Albashin yara, kuɗin mota, dako da wuta sun ci dubu 200. Hayar shagon dubu 600 ce a shekara, wato kason wata ɗaya dubu 50. Idan aka cire duka, riba ta tsaya a dubu 350. Riba ce ta gaskiya, babu ƙarya a cikinta.

To, a ajiye littafi a buɗe durowa.

Ya shiga watan da miliyan 1 a hannu. Cikin cinikin miliyan 5 ɗin nan, miliyan 1 da dubu 500 bashi ne, don haka miliyan 3 da dubu 500 kaɗai ya karɓa. Masu tsohon bashi sun kawo dubu 700. Duk abin da ya taɓa hannunsa a watan ya zama miliyan 5 da dubu 200.

Abin da ake jiran ya biya fa? Azumi ya gabato, sai ya ƙara sari, ya ɗauko kayan miliyan 4 da dubu 900. Wa'adin haya ya faɗo a wannan watan, kuma mai haya dubu 600 yake so a dunƙule, ba ya sauraron zancen kason wata. Ɗawainiyar shago dubu 200. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara dubu 200. Jimilla miliyan 5 da dubu 900.

Giɓin dubu 700 ke nan, a watan da ya ci ribar dubu 350.

Ina kuɗin suka shiga? Dubu 800 sun ƙaru a littafin bashi, suna aljihun wasu. Dubu 500 sun zama kwalaye a kan kanta. Dubu 550 sun tafi hayar watannin da ba su zo ba tukuna. Dubu 200 sun shiga tukunyar gida. Babu ɓarawo a cikin labarin nan. Amma gobe da safe dila zai riƙe kayansa, kuma daga ranar da aka daina ba ka kaya, kwanakin shagonka ƙidayayyu ne.

Mafi munin waɗannan ramuka shi ne bashi, kuma Bauchi ta fi wasu garuruwa shiga hatsarinsa. Gari ne da albashi ke juya shi. Ma'aikatan jiha, na ƙananan hukumomi, malaman makaranta, ma'aikatan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na asibitin koyarwa, su ne manyan masu saye. Kafin tsakiyar wata aljihu ya yi sanyi, sai a koma ga kalmar da kowane mai shago ya haddace: "Alhaji, rubuta, sai an yi albashi." Shi kuma Alhaji yana jin nauyi. Maƙwabci ne, suruki ne, tare suke sahu a masallaci. Sai ya rubuta.

A ƙirga kwanakin. Kaya sun yi kwana 20 a kan kanta kafin a saye su. Wanda ya ɗauka bashi ya yi kwana 30 kafin ya biya. Kwana 50 ke nan kafin kuɗin su dawo. Dilan Singa kuma mako biyu ya ba ka. Saura kwana 36 da dole ka biya kayan da ba a biya ka ba. Daga ina? Daga uwar kuɗi.

Kuma a nan tarkon yake: bunƙasar ciniki ba ta toshe wannan rami, faɗaɗa shi take yi. In ka ninka cinikin bashi, ka ninka kuɗin da za ka riƙa biyan dila kafin a biya ka. Shi ya sa za ka ga shagon da ya fi kowane cika a layi shi ne ya fara durƙushewa, mutane suna mamaki.

Sai tsadar kaya ta zo ta ƙara wa wutar fetur. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a watan Yunin shekarar, farashi ya yi ta hawa, har hauhawarsa ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 a ƙididdigar hukuma. Ga abin da hakan ke yi wa mai shago. Ka saro kwali 100 na taliya a kan dubu 10 kowanne. Ka sayar a dubu 11, ribar dubu 100 ta zauna a littafi. Ka koma sari ka tarar kwali ya zama dubu 11 da 500. Uwar kuɗin da ribar gaba ɗaya kwali 95 za su saya maka. In kuwa ka riga ka cinye dubu 100 ɗin nan da sunan riba, kwali 86 za ka loda. Ka sake zagayowa sau uku ko huɗu a haka, kantarka ta fara nuna katako, kai kuma kana rantsuwa ba ka taɓa sayar da komai a kan faɗuwa ba. Gaskiya ka faɗa. Jarin ne yake narkewa.

Bashin da ya kwana wata uku a irin wannan yanayi, ko an biya shi cif, an biya ka da kuɗin da suka rage ƙarfi.

Abin da ke biyo baya mun sha ganinsa. Mai shago ya ranci kuɗi don ya rufe bakin dila. Ya kwashi adashi tun kafin ya san yadda zai ci gaba da zubi. Ya karɓi kayan dila na biyu ya sayar da araha don ya biya na farko. Daga nan a sayar da fili, a sayar da babur, matar gida ta miƙo 'yan kunnenta. Ƙarshe a sa kwaɗo. Yara uku ko huɗu da ke ci a shagon su koma zaman bakin titi, gidan da ake sauke tukunya sau uku ya koma sau ɗaya. Kuma duk wannan lokacin maƙwabtansa na kasuwa suna gani. Sun ga kanta na raguwa, sun ga ya daina ɗaga wayar Kano, sun yi shiru wai kada a ce sun shiga abin da ba ruwansu.

Wannan shirun hannu ne a cikin karyewarsa.

Ya zama wajibi kowane mai shago ya riƙe littafi biyu. Ɗaya na ciniki da riba. Ɗaya na kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita kawai, da kwanan wata. Abin da ba a biya ba kada ya shiga na biyun, ko da mai bashin ya rantse da gobe zai kawo.

Ya zama wajibi duk ƙarshen mako ya zauna ya ƙirga abubuwa huɗu: kuɗin da ke hannu da banki, darajar kayan da ke kanta, bashin da yake bi, da bashin da ake bin sa. Sannan ya rubuta abin da dole ya biya cikin makonni huɗu masu zuwa, kowanne da ranarsa, ya ɗora a kan abin da ya tabbata zai shigo. Da mai shagon misalinmu ya yi haka, tun farkon wata zai hango giɓin dubu 700, ya rage sarin azumi ko ya je wa mai haya da maganar biya kashi biyu tun yana da fuskar magana. Alamar hatsari a bayyane take: littafin bashi na kumbura, kuɗin durowa na raguwa, alhali ciniki na ƙaruwa. Wanda ya ga haka wata biyu a jere ya tsayar da bashi nan take.

Ya zama wajibi a yi wa bashi iyaka da wa'adi. Wanda bai biya na baya ba, ba a ƙara masa. Kuma a rubuta, da suna da rana. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi mai ajali. Jin kunyar rubutawa ba tsoron Allah ba ne.

Ya zama wajibi mai shago ya yanka wa kansa albashi ya tsaya a kai, ya daina zura hannu a durowa duk lokacin da suna ko biki ya taso. Ya ware kuɗin haya wata-wata a wuri dabam. Kayan da suka yi kwantai ya sake su ko da a kan uwar kuɗi, domin kwalin da ya yi wata huɗu a lungu ba zai biya kowa ba.

Mu masu saye kuma, ya zama wajibi mu ji tsoron Allah. Wanda albashinsa ya shigo ya zagaye layin mai shago ya tafi wani wurin ya saya kuɗi hannu, ya sani da jarin bawan Allah yake wannan fankamar.

Ya zama wajibi shugabannin kasuwannin Wunti, Muda Lawal da Babbar Kasuwa su tara mutanensu, su nemo masu ilimin lissafin kuɗi daga cikin 'ya'yanmu da ke jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, a koyar da wannan da Hausa, da alli da allo, layi-layi. Limamai su ɗauke shi a huɗuba. Iyayen gida su nuna wa yaransu littafin nan na biyu kafin su sallame su da jari. A fara kafin sarin azumi mai zuwa, domin a lokacin ne ake kwashe kuɗin durowa kaf a zuba a kaya, kuma a lokacin ne littafin bashi ya fi cika.