Daƙiƙa takwas tsakanin biya da rasit: shawarar ƙara kwafin rumbun bayanai ga kamfanin karɓar kuɗin makaranta

Kamfanin da ke karɓar kuɗin makaranta ta waya ba shi da lokacin da ya fi makon farko na zangon karatu wahala. A Satumba da Janairu da bayan hutun zango na biyu, iyaye na tururuwar duba abin da ake binsu, masu ajin makarantu kuma na neman jerin waɗanda ba su biya ba. Idan duk wannan yana faɗawa kan rumbun bayanai guda ɗaya, manhaja sai ta fara jan ƙafa, wani lokaci ma ta tsaya cak. A irin wannan yanayi ne injiniya ke rubuta wa shugabannin kamfani takardar shawara cewa a daina dogaro da rumbu ɗaya, a ƙara wasu kwamfutoci masu riƙe da kwafinsa domin karatu kawai.

Rumbun bayanai shi ne inda manhaja ke ajiye sunan ɗalibi, ajinsa, abin da ake binsa da abin da aka biya. Aiki iri biyu ake yi a kansa. Akwai rubutu, kamar shigar da sabon biya, akwai kuma karatu, kamar duba saura nawa ya rage. Tsarin da ake ba da shawara ya yi kama da ofishin ma'aji mai babban littafi guda: mutum ɗaya ne ke da ikon rubutu a ciki, sai a zaunar da magatakarda biyu suna kwafe duk layin da ya rubuta, masu tambaya kuma a tura su wurin magatakardan. Ma'aji ya samu sarari, amma magatakarda kullum yana bayansa da layi ɗaya ko biyu. Darajar takardar shawarar duka tana kan yadda ta bi da wannan 'yar tazara.

Mu ɗauki misali na ƙiyasi: kamfani mai hulɗa da makarantu 300, yana amfani da PostgreSQL, ɗaya daga cikin rumbunan da ƙananan kamfanoni suka fi amfani da su. Abu na farko da takardar za ta kawo shi ne hujja cewa karatu ne ke danne rumbun. Akwai wani ƙari mai suna pg_stat_statements da ke lissafa kowace irin tambaya, sau nawa aka yi ta, da tsawon lokacin da ta ci. A ce ya nuna cewa cikin kowace buƙata 100, guda 90 karatu ne, kuma rahoton masu bashi da ma'aji ke nema yana cin daƙiƙa 40 duk lokacin da aka danna shi. To nan kwafi zai yi amfani. Da a ce rubutu ne ya yi yawa, kwafi ba zai rage komai ba, domin duk abin da aka rubuta a babban rumbu dole kowane kwafi ya maimaita shi. Haka nan sau da yawa tambaya mai nauyi fihirisa kawai ta rasa, sai rumbu ya riƙa bin layukan biya ɗaya bayan ɗaya. Gyara wannan aikin yini guda ne, kuma bai buƙatar sayen komai. Takarda mai gaskiya za ta nuna cewa an riga an yi wannan gyara kuma nauyin bai sauka ba.

Yadda kwafin ke samuwa ba shi da wuyar fahimta. Kafin PostgreSQL ya canja komai a teburansa, yakan fara rubuta canjin a wani kundi da ake kira WAL. Tun fitowar PostgreSQL 9.0 a 2010, ana iya kwararo wannan kundi kai tsaye zuwa wata kwamfuta, ita kuma ta riƙa aiwatar da canje-canjen bi da bi tana amsa tambayoyin karatu a lokaci guda. Ana fara gina kwafin da umarnin pg_basebackup, wanda ke ɗauko hoton rumbun gaba ɗaya, daga nan sai kwararar ta ci gaba. A tsarin da ya zo da shi, babban rumbu ba ya jiran kwafi ya ce ya karɓa kafin ya tabbatar wa manhaja cewa rubutu ya shiga. A rana ta yau da kullum tazarar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. A ranar cunkoso, ko lokacin da wata makaranta ta ɗora kuɗin sabon zango kan ɗalibai dubu biyu a tashi ɗaya, tana iya miƙewa zuwa daƙiƙoƙi da dama.

Ga abin da hakan ke haifarwa. Wata uwa ta biya naira 85,000 da ƙarfe goma daidai. Kamfanin da ke sarrafa biyan ya aiko da saƙon tabbaci, babban rumbu ya rubuta. Bayan daƙiƙa biyu manhaja ta sabunta shafin uwar, amma kwafi ta tambaya, shi kuwa yana baya da daƙiƙa takwas. Allon wayarta ya nuna har yanzu ana binta naira 85,000, alhali banki ya riga ya turo mata saƙon cire kuɗi. Mai haƙuri za ta jira. Wadda ke tsaye a ƙofar makaranta da yaro a hannu tana iya sake biya, ko ta kira tana faɗa cewa an cinye mata kuɗi. Babu abin da ya ɓace a rumbu, amma kamfani ya jawo wa kansa aikin mayar da kuɗi da zubewar amana.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Kamfanonin sarrafa biya sukan sake aiko da saƙon tabbaci idan ba su samu amsa a kan lokaci ba, don haka saƙo ɗaya na iya zuwa sau biyu. Manhaja takan duba ko ta taɓa ganin lambar wannan biya. Idan kwafin da ke baya ta tambaya, zai ce bai san lambar ba, sai a rubuta wa ɗalibi kuɗin sau biyu, lissafin makaranta ya ƙi daidaita da na banki a ƙarshen wata. Maganinsa shi ne wannan bincike kada ya taɓa barin babban rumbu, kuma a sa wa lambar biya ƙa'idar UNIQUE, ta yadda rumbun da kansa zai ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu.

Saboda haka sashe mafi muhimmanci a takardar shi ne rabon tambayoyi gida uku. Duk abin da ke yanke hukunci kan kuɗi yana nan a babban rumbu: tabbatar da biya, fitar da rasit, lissafin abin da za a tura wa asusun makaranta. Abin da tsufan minti ɗaya ba zai cutar ba yana komawa kwafi: rahoton masu bashi, tarihin biyan bara, jadawalin kuɗin kowane aji. Gida na uku shi ne mutumin da yanzu ya gama biya. Hanya mai sauƙi ita ce manhaja ta riƙa kai tambayoyinsa babban rumbu na tsawon minti ɗaya ko biyu bayan biyan. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a riƙe matsayin da kundin WAL ya kai bayan rubutunsa ya shiga, a kuma tambayi kwafi ko ya iso wurin kafin a yarda da amsarsa:

```sql
SELECT pg_current_wal_lsn();
SELECT pg_last_wal_replay_lsn();
```

Layin farko a babban rumbu ake gudanar da shi, na biyu a kwafi. Idan na biyu bai kai na farko ba, sai a koma babban rumbu.

Mai karatu zai iya tambaya me ya sa shawarar ke neman kwafi biyu. Dalilin yana cikin rahoton nan mai cin daƙiƙa 40. Yayin da kwafi ke tsakiyar haɗa shi, saƙo na iya zuwa daga babban rumbu cewa an share wasu tsofaffin layuka da rahoton ke kan karantawa. Kwafi zai dakata da aiwatar da canjin, amma iyakar jiransa daƙiƙa 30 ne a saitin asali na max_standby_streaming_delay, daga nan sai ya yanke rahoton da saƙon "canceling statement due to conflict with recovery". Idan aka tsawaita jiran, rahoto zai kammala, amma iyaye za su ga tsohon lissafi tsawon wannan lokaci. Mafita ita ce a raba: kwafi ɗaya na iyaye mai gajeren jira, ɗaya na rahotanni da aka yarda ya yi baya da mintuna. Ana sa ido kan tazarar kowanne daga babban rumbu:

```sql
SELECT application_name, replay_lag FROM pg_stat_replication;
```

Takardar za ta sa iyaka, misali daƙiƙa biyar ga kwafin iyaye. Da ya wuce haka, manhaja ta janye daga gare shi har ya kamo, a kuma sanar da injiniyan da ke bakin aiki.

Akwai abin da shugabanni ke yawan ɗauka sun saya alhali ba su saya ba, kuma dole takardar ta faɗe shi ƙarara: kwafin karatu ba ajiyar ko-ta-kwana ba ne. Idan ma'aikaci ya goge teburin biya bisa kuskure, gogewar za ta isa kowane kwafi cikin ƙiftawar ido. Aikin kula da kwafin ma yana da nasa haɗarin. A ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin sake gina kwafin da ya yi baya, sai ya goge bayanan babban rumbu a zaton yana kan kwafi. Hanyoyin ajiyarsu da dama ba su yi aiki ba, suka yi asarar bayanan kusan awa shida. Don haka ajiya ta daban, wadda ake gwada dawo da ita lokaci-lokaci, tana nan a kasafi. Kasafin kuma zai nuna cewa kowane kwafi na buƙatar faifai mai girman na babban rumbu, kuma idan hayar kwamfutocin da dala ake biya, kuɗin zai riƙa motsi da canjin naira.

Jadawalin aiki ya kamata ya bi kalandar makarantu. A gina kwafin a lokacin dogon hutu, a bar su suna bin babban rumbu mako biyu ba tare da an tura musu kowa ba, ana auna tazara. Sai a mayar da rahotannin masu aji tukuna, domin su ne suka fi nauyi kuma kuskure a cikinsu bai taɓa kuɗin kowa. Shafukan iyaye su biyo baya, a fara da makarantu goma kafin sauran. A bar saiti guda da zai mayar da dukkan karatu kan babban rumbu nan take idan abu ya rikice. A makon farko na sabon zango kuwa, lambobi uku ne za su nuna ko shawarar ta biya kuɗinta: nauyin da ke kan babban rumbu a awar cunkoso, tazara mafi tsawo da kwafin iyaye ya yi, da yawan biyan da aka yi sau biyu idan aka gwada da na zangon da ya gabata.